Ka fara da cefane, amma na unguwa guda

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Kano, na gama karatu ban samu aiki ba, kuma jarina bai kai na kama shago ba. Ina tunanin yi wa ma'aikata da 'yan kasuwa hidima, kamar aike ko gyare-gyare ko kai kaya gida. Wanne ya fi dacewa in fara da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gyara yana buƙatar ka zauna ƙarƙashin oga ka koya, kai kaya kuma yana buƙatar babur da mai da takardu. Abin da za ka iya farawa da wayarka da ƙafarka shi ne yi wa gidaje cefane. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma masu buƙatarta suna da yawa: malamar asibiti mai kwana a wajen aiki, ma'aikacin banki da ba ya tashi sai magariba, ɗan kasuwar Kwari da ke wuni a shago. Suna da kuɗin cefanen, lokacin shiga kasuwar 'Yankaba ne ba su da shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ribar ba a yawan kwastomomi take ba, a kusancin gidajensu take. Kuɗin mota ne ke cinye wannan sana'a. Idan kana da gida ɗaya a Hotoro, ɗaya a Kabuga, ɗaya a Sharaɗa, to mai adaidaita sahu kake yi wa aiki. Zaɓi unguwa ɗaya wadda ke kusa da kasuwar da za ka riƙa shiga. Mai sayen kayan miya a 'Yankaba, Hotoro da Nasarawa da Tarauni ne nasa. Wanda ya nemi ka kai masa can wani gefen gari, ka ba shi haƙuri ko ka sa masa kuɗin shata shi kaɗai.

Bari in buga maka lissafi. Alƙaluman misali ne kawai, ka sa farashin ranar da za ka fara. A ce ladan aikinka naira 2,500 ne a kowane gida, kuma gida 6 suka turo saƙo, ka ga 15,000 ke nan. Ka hau adaidaita zuwa kasuwa a 500, ka ɗauki shatar da za ta zaga da kai gidajen a 4,000, ɗan dako ya karɓi 1,000, leda da buhuna 700, mai fi'o'es ya cire 800. An kashe 7,000, ka tsira da 8,000 kafin azahar. To a ce gida 2 ne kawai. Ladanka 5,000, shata ba za ta sauko ƙasa da 3,500 ba, sauran kashe-kashe su ci 2,000. Ka wuni a rana kuma ka cika 500 daga aljihunka. Shi ya sa ba a zuwa kasuwa duk lokacin da aka kira. Ka tsayar da ranaku biyu a mako, misali Laraba da Asabar, ka ce ana rufe karɓar saƙo ƙarfe 9 na daren jajibiri. Da farko za su yi ƙorafi, daga baya su saba, har su riƙa tuna maka.

Haɗa saƙon yana da wani amfanin. Gida 6 za su iya cinye kwandon tumatir ko rabin buhun albasa, sai ka saya a farashin sari maimakon kashi-kashi, ka raba. A nan ne mutane da yawa suke lalata sana'arsu, domin suna saye a sari su rubuta farashin kiri, su danne bambancin. Uwargida ta san kasuwa. Ranar da ƙanwarta ta je ta dawo da farashi, ka rasa gidan, ka rasa maƙwabtan da ta haɗa ka da su. Ni abin da nake yi, ina rubuta abin da na biya daidai, ladana kuma a layinsa daban. Idan ta ga kayan sun fi wanda ɗan aike ke kawo mata yawa a kuɗi ɗaya, ita za ta yi maka talla a wajen aikinta.

Kada ka karɓi saƙo da baki. A rubuta shi, kuma a faɗi ma'auni. "Shinkafa kwano biyu" ba ta isa ba, ta gida ce ko ta waje, kuma a Kano ma kwanon wani ya fi na wani, don haka ka tsaya wa mai awo ɗaya. "Attaruhu na dubu biyu" yau yana iya cika leda, da damina ya zama ɗan tafin hannu, domin kayan miya suna araha ne lokacin sanyi da kayan lambun Kura da Kadawa ke shigowa. In farashi ya yi tsalle, ka ɗauki hoto a gaban mai kayan ka tura, ka jira amsa kafin ka biya. Minti biyu ne, amma yana kashe rigimar mako guda.

Maganar kuɗi kuwa, a turo kafin ka fita, kuma ka buɗe asusu na sana'ar kaɗai. Kada ka yarda da hoton rasit ko saƙon alat, ka shiga manhajar bankin ka ga kuɗin sun zauna. Wanda ya ce ka sayo da naka zai biya in an yi albashi, sau da yawa ba mugunta ba ce, amma jarinka ba zai ɗauka ba. Gida biyu suka riƙe maka kuɗi, ranar kasuwa ta gaba ba ka da na mota. Canji kuma ka mayar a ranar, ko naira 150 ce.

A cikin kasuwa ka shiga da sassafe, ka fara da busassun kaya, ka ƙare da masu lalacewa. Tumatir ka zaɓi mai tauri, ka sa hannu har ƙasan kwandon, don na sama ado ne. Kowane gida da buhunsa da suna a jiki, doya da albasa a ƙasa, tumatir da alayyahu da ƙwai a sama, kuma kada ka ɗaure ganye cikin leda a zafin Kano, kafin ka kai ya dahu. Nama ban ba ka shawarar farawa da shi ba. A kansa aka fi samun saɓani, wannan ta ce ƙashi ya yi yawa, waccan ta ce kitse ne. Sai ka samu mahauci ɗaya da kuka fahimci juna, ka kuma san abin da kowane gida ke so.

Sai ladabin ƙofar gida, wanda samari ke rainawa. Yawancin masu turo saƙo matan aure ne. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka miƙa wa mai gadi ko yaron gida, a ƙirga kayan a gabanka, ka tura hoto cewa an karɓa. Ya fi kyau maigidan ya san da kai tun ranar farko, kuma ban da kira bayan isha'i. Idan kana da ƙanwa ko yaya mai natsuwa, ka bar mata amsa saƙonnin, gidaje da yawa sun fi sakin jiki da hakan.

Hatsi na wata-wata daga Dawanau da 'ya'yan itace daga 'Yan Lemo za su zo daga baya, kowanne da ranarsa, domin hanyoyinsu ba ɗaya ba ne, ɗaya titin Katsina ɗaya titin Zariya. Yanzu dai ka nemi gida 4 a layi ɗaya ko a ma'aikata ɗaya, ko da 'yan uwa ne, ka yi musu na wata guda kana rubuta kowace naira a littafi. In ka samu unguwar, ka faɗa mana wacce ce, sai mu duba kasuwar da ta fi kusa da kai. Allah ya sa albarka.