Saƙon adireshi ya yanke a tsakiya: in aika kayan ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra a Jidda. Wata Hajiya ta yi odar kayan riyal 350, ta turo adireshi ta saƙon murya: "Aziziyya, bayan masallaci, imara mai lamba saba'a, itnen..." sai maganar ta yanke. Na kira, wayarta a kashe. Ta riga ta biya kuma tana sauri. In ba mandub, wato ɗan aike mai kai kaya, ya je ya laluba? 
Daga wata 'yar kasuwa, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ajiye kayan tukuna. Abin da ke hannunki bai kai rabin adireshi ba, kuma yinin da za ki yi kina jira ya fi miki sauƙi a kan kaya su fita su dawo, ki biya kuɗin kai sau biyu.

Fara da Aziziyya. Akwai ta a Makka, akwai ta a nan Jidda, akwai ta a Riyad da Madina. Tunda ba ta ambaci gari ba, ko hanyar da mota za ta bi ba ki sani ba. Shi kuwa "bayan masallaci", a ƙasar nan kusan kowane gida bayan wani masallaci yake. Sai lambar imara, wato gini: a tsarin adireshin ƙasa, wato Unwanul Waɗani, lambar gini lambobi huɗu ce cif. Kin ji 7 da 2, saura biyu, gine-gine ɗari ke nan za su iya zama nata. Kada ki cike da kanki, kada ki bar mandub ya cike.

Ki rubuta mata saƙo yanzu, ta tarar da shi in ta kunna waya, ki roƙi gajeren adireshinta, wanda ake ce wa unwan mukhtasar. Haruffan boko huɗu ne da lambobi huɗu, irin RRRD2929, kuma lambobin nan huɗu su ne lambar ginin. Za ta same shi a manhajar SPL ta gidan waya, ko a manhajar Tawakkalna. Tun 1 ga Janairu 2026 hukumar sufuri ta hana kamfanonin kai saƙo karɓar kaya ba tare da adireshin ƙasa ba, don haka ko kin je ofishinsu da wannan guntun, shi za su tambaye ki.

Na fi son ta ɗauko hotonsa daga waya ta turo, maimakon ta sake faɗa da baki. Yawancinmu a nan da Larabci muke ƙirga, Larabci kuwa yana gabatar da ƙaramar lamba: in ta ce "khamsa wa ishrin", 25 take nufi, amma hannun mai sauri 52 zai rubuta, don biyar ya fara ji. Haruffan ma B da P da D da T kusan ɗaya suke a kunne, balle in yara na hayaniya a bayanta. In kuma da hannu ta rubuta da lambobin Larabci, ki kula, biyar ɗinsu ٥ tana kama da sifilinmu, shidansu ٦ kuma kamar bakwai.

In gajeren adireshin ya iso, ki gwada shi da abin da kika ji. Lambobin su fara da 72, in kin saka shi a taswira kuma ya faɗa Aziziyya. In cikakken adireshin ta turo, dubi lambar gidan waya mai lambobi biyar: ta Makka da Jidda da 2 take farawa, ta Riyad da 1, ta Madina da 4. In ɗaya ya saɓa, wataƙila adireshin tsohon gida ne ko na maigidan aikin mijinta, sai ki sake tambaya kafin ki rufe kwali.

Gajeren adireshi bakin ƙofar imara kawai yake kai mutum, saboda haka ki tambayi hawa na nawa da lambar shaƙƙa, wato sashen da take zaune a cikin ginin. Ki tambayi sunan wanda zai karɓa da lambar wayarsa, ki ƙirga ta: 05 da wasu takwas, goma ke nan. Wannan wayar da kika samu a kashe ita mandub zai kira, kamfanoni da yawa kuma ta nan suke turo lambar tabbatar da karɓa, don haka ki nemi lamba ta biyu, ta miji ko ta wani babba a gidan.

In ta turo lokeshan, ki karɓa a matsayin ƙari, amma ki tambaye ta ko daga gida ta turo, domin wanda ya danna yana Harami ko gidan biki, can zai nuna. Daga ƙarshe ki haɗa komai a saƙo guda, ki rubuta cewa kuɗin kaya an biya, ki faɗi wanda zai biya na mandub, ki tura mata. Sai ta amsa da "haka ne" a rubuce sannan ki miƙa kayan.