Me ya sa aka soke amsata a gwajin basira?

Tambaya: Malam, a gwajin basira na neman aiki an ba mu bayani cewa "Duk direbobin kamfanin suna da lasisin tuƙi." Sai aka kawo hukunci: "Duk mai lasisin tuƙi a kamfanin direba ne." Na zaɓi `True`, aka ce ban ci ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, juya maganar ka yi, ita kuwa irin wannan magana ba ta juyuwa. Bayanin ya yi hukunci ne a kan direbobi, dukkansu. Bai ce uffan ba a kan sauran masu lasisi.

Ɗauki takarda ka zana babbar da'ira, ka rubuta "masu lasisi". A cikinta ka zana ƙarama, ka rubuta "direbobi". Iyakar abin da aka faɗa maka ke nan. To, dubi filin da ya rage tsakanin da'irorin biyu. Akawun kamfanin da ke zuwa aiki da motarsa zai iya zama a nan: yana da lasisi, ba direba ba ne, kuma bai ƙaryata bayanin ba ko kaɗan. Muddin za ka iya ƙaddara mutum guda irinsa, hukuncin bai tabbata ba. Ai duk Bakano ɗan Najeriya ne, amma ba duk ɗan Najeriya ne Bakano ba.

Sai dai a kula, `False` ma ba ita ce amsar ba, nan ne da yawa ke sake zamewa. Mai yiwuwa ne a kamfanin nan babu mai lasisi sai direbobi, da'irorin biyu su hau kan juna daidai. Bayanin bai hana haka ba, bai kuma tabbatar da shi ba. Saboda haka in akwai zaɓin `Cannot say`, shi za ka ɗauka. Masu shirya gwajin da gangan suke zaɓo hukuncin da ke da daɗin ji a kunne, don su ga wanda zai tsaya kan abin da aka rubuta kawai.

Abu biyu za ka iya cirowa daga bayanin hankali kwance. Wanda ba shi da lasisi ba direban kamfanin ba ne, domin yana wajen babbar da'ira, balle ƙarama. Sannan wasu masu lasisi direbobi ne, in dai kamfanin yana da direba ko da guda.

Akwai maganganun da ke juyuwa lafiya lau. "Babu direban da yake akawu" daidai take da "babu akawun da yake direba". Haka ma mai farawa da "wasu": in wasu direbobi masu digiri ne, wasu masu digiri direbobi ne. Mai "duk" ce in an juya ta take sauka zuwa "wasu", sai fa in bayanin ya ƙara da cewa direbobi kaɗai ke da lasisi, a nan kam `True` ɗinka da ta ci.