Me ya sa saƙo ɗaya ke isa sau da yawa?

Tambaya: Malam, na haɗa wa wata makaranta a Sakkwato manhajar aika wa iyaye saƙon tes. Idan rahoton isarwa bai dawo ba cikin minti 10, sai ta sake aikawa. Yanzu iyaye na kukan saƙo ɗaya na shigo musu rututu. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, shirun rahoto ba ya nufin saƙo ya faɗi. Amsar farko da kamfanin aika saƙo ke ba ka, mai ɗauke da message_id, shaidar karɓa ce kawai. Daga nan saƙon yana hannun cibiyar saƙonni ta kamfanin waya, ita ce ke ta gwada isar da shi har wa'adinsa, validity_period, ya cika.

Ɗauki uban da ya tafi cin kasuwar Illela, wayarsa ba caji tun ƙarfe 8 na safe har 12 na rana. Cibiyar ta ajiye saƙon farko tana jira, kai kuma ka ƙara mata 24. Yana kunna waya sai su zubo gaba ɗaya, kuma kowanne an cire maka kuɗinsa.

Abin da za ka jira shi ne rahoton ƙarshe. A SMPP, ƙa'idar da manhaja ke magana da kamfanin aika saƙo ta kanta, yana zuwa kamar haka:

```
id:7F3A21 sub:001 dlvrd:000 submit date:2503100800 done date:2503101400 stat:EXPIRED err:027
```

Idonka ya fara sauka kan stat. DELIVRD na nufin ya shiga waya, ba wai an karanta ba, rufe maganarsa. EXPIRED, kamar wannan da ya yi awa 6 yana jira, shi ne ya cancanci sake aikawa, domin layin na iya dawowa. A ganina sau biyu ya isa, da tazarar awa ɗaya sannan awa huɗu, kada kuma ya faɗo cikin dare. UNDELIV, wato ba ya isuwa, da REJECTD, wato an ƙi shi, kuwa sai ka duba lambar err tukuna, kuma da jadawalin kamfanin da ke aika maka saƙo, don ma'anar lambobin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan lambar waya ce babu ita, maimaitawa asarar kuɗi ce, a nemi uban ya ba da sabuwa. Idan mai layin ya toshe saƙon talla ta 2442, to hanyar talla ba za ta taɓa kai shi ba. Nemi kamfanin ya ɗora ka kan hanyar saƙonnin sanarwa.

In kuma rahoton ba ya dawowa sam ga kowa, tabbatar ka sa registered_delivery, saitin neman rahoto, a kan 1. Sannan kwatanta message_id da id na rahoton: wasu kamfanoni na ba da ɗaya a lissafin goma sha shida, ɗayan a lissafin goma, sai manhajarka ta kasa haɗa su, alhali rahoton ya iso tun tuni.