Kamara na tafiya, gini na narkewa

Tambaya: "Ina da zanen wani gidan sama da ba a fara gininsa ba. Ina so in nuna wa mai gidan bidiyon shiga ciki, amma da kamara ta motsa sai bango ya lanƙwashe, tagogi su ƙaru. Yaya zan rubuta umarnin?"

Malam, manhajar AI da ke mayar da hoto bidiyo ba ta da taswirar gidanka. Hoton da ka ba ta kawai ta sani, duk abin da ke bayan kwana ƙirƙirarsa take yi. Shi ya sa idan ka ce ta shiga ta ƙofa, ta ratsa falo, ta hau bene, kafin ta kai matakala wani gida daban ta gina maka.

Ka yanka tafiyar gajeru-gajeru, daƙiƙa 5 kowanne, motsi ɗaya tak. Ka fitar da hoton farko da na ƙarshe daga manhajar zanen gini irin SketchUp ko Revit, ka ɗora su a manhajar da ke karɓar biyun, irin su Kling. Kada ka sake bayanin ginin a umarnin, hoto ya riga ya yi wannan aikin. Kamara kawai za ka yi wa magana:

```
slow dolly forward, eye level 1.6m, 24mm lens, vertical lines stay straight
```

Tsayin mita 1.6 daidai idon mutum ne a tsaye. Juyawa gefe kuwa ka rage ta, a nan ake yawan ɓata gini.

Kafin ka tura, ƙirga tagogi da matakala a farko da ƙarshe, ka duba ko ginshiƙi ya gusa. In kuma mai gidan zai biya kuɗi bisa abin da ya gani, ni dai Twinmotion ko Lumion zan buɗe, don su kan ainihin ma'aunin zanenka kamararsu ke bi.