Shin ya halatta mai takaba ta rubuta wa rajistan gado don neman izinin kula da dukiyar mijinta?

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu ya bar mu mata biyu, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Banki ya ce ba zai saki kuɗinsa ba sai da takardar izini daga rajistan gado na Babbar Kotu a Dutse. Ina cikin takaba. Ya halatta in nema? Daga wata baiwar Allah, ƙasar Ringim.

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ya halatta, domin hanya ce ta fito da haƙƙin magada, kuma takabar wata 4 da kwana 10 ba ta hana ki fita da rana don buƙata ba, matuƙar a ɗakinki za ki kwana.

Sai dai, Malama, takardar nan amana take ɗora miki, ba ta mallaka miki ko kwabo. Haka wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom ɗin banki, rabonsa bai ƙaru ba.

A cikin wasiƙar neman izinin ki faɗi sunan mijinki daidai yadda yake a banki, domin saɓanin harafi ɗaya kan jawo sai an yi rantsuwar kotu. Ki sa ranar rasuwa da wurin, da matsayinki gare shi, da asusun da ake nema, ki haɗa da takardar shaidar mutuwa da katin shaidarki. Sannan ki jero magada kaf, har abokiyar zamanki da surukarki. A nan ake yawan zamewa. Ɓoye magaji cin amana ne, kuma duk ranar da ya ji labari yana iya shigar da ƙorafi a tsayar da komai. Shi ya sa na fi son ku nema ku biyu, ke da wani amintacce daga dangin mamacin.

In kuɗi sun fito, a fara da bashi, har da ragowar sadaki in akwai, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. A ce naira miliyan 3 ne, bashi da kuɗin rajista suka ci 600,000, babu wasiyya, saura 2,400,000. Tumuni 300,000 ne, ku raba ke da abokiyar zamanki, kowacce 150,000, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 na 'ya'ya ne: kowane namiji 680,000, mace 340,000.

Wannan rabo a gaban alƙalin kotun shari'a ya kamata a yi shi, a rubuce. In yaran ƙanana ne, a mazhabar Malikiyya uwa ba ta zama waliyyiyar dukiyarsu haka kawai, sai in uban ya yi mata wasicci ko alƙali ya naɗa ta, don haka ki nemi naɗin tun a zaman rabon. Wallahu a'alam.