Takardar darakta daban, saƙon shef daban

Tambaya: "Ni ma'aikaci ne a wani shagon ajiyar kaya a nan Maradi. An yi mana rasuwa a Tasawa, zan tafi kwana uku tare da ɗiyata da ke ajin CM2. Zan iya rubuta takarda ɗaya, in ba daraktan lakwal kwafi, in ba shef ɗin ƙungiyarmu kwafi?"

Amsa: Allah ya jiƙan mamacin, ya ba ku haƙuri. Malam, kada ka yi haka, don ba buƙata ɗaya mutanen nan biyu suke da ita wurinka ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wannan: wurin darakta harshe ne ke da nauyi, amma ikon yarinyar yana hannunka, sanar da shi kake yi cikin ladabi. Wurin shef kuwa harshe ya fi sauƙi tun da kullum kuna tare, amma ikon lokacin aikin yana hannunsa, dole ka ji "to" daga bakinsa kafin ka hau mota. Masu kuskure juya abin suke yi. Su yi ta roƙon darakta kamar masu laifi, shi kuwa shef su jefa masa "ba na nan gobe" su kashe waya.

Takardar darakta a kan farar takarda ake yin ta, da kwanan wata a sama da sa hannunka a ƙasa, domin ajiye ta za a yi. Mushe yana kiran suna kowace safiya, kuma takardarka ce ke raba yaron da ya yi fashi da uzuri da wanda ya maƙale a hanya. Ka kira shi da muƙaminsa ko da maƙwabcinka ne kuna salla masallaci ɗaya, ka kuma yi amfani da "ku". Ga yadda za ta kasance:

"Zuwa ga mai girma Darakta. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa ɗiyata wance, 'yar ajin CM2, ba za ta samu zuwa lakwal ba daga Litinin 12 zuwa Laraba 14 ga wata, saboda rasuwa da aka yi mana a Tasawa. Za ta dawo aji ranar Alhamis in Allah ya yarda, kuma zan sa ta kwafi darussan da suka wuce ta. Ina roƙon ku yi mata uzuri. Na gode."

Ka sa cikakken sunanta kamar yadda yake a rajista, ba sunan da ake kiran ta da shi a gida ba, don masu suna ɗaya a aji ba su da iyaka. Alƙawarin kwafar darussa kuma ba ado ba ne. CM2 ajin ƙarshe ne na firamare, kuma wannan jimlar ce ke nuna wa darakta cewa uban ya san nauyin kwana ukun. In akwai jarrabawa a ranakun, takarda kaɗai ba ta isa ba, ka taka da ƙafarka ka gan shi.

Shi kuwa shef, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne wa zai tsaya a gurbinka. Ka kira shi tukuna, don labarin mutuwa ya fi kyau a ji shi da murya, sannan ka bi da saƙon waya domin ya zama shaida:

"Shef, barka da yamma. Kamar yadda muka yi magana, ina neman izinin kwana uku, Litinin zuwa Laraba, saboda rasuwa a Tasawa. Makullin shago da littafin shigar kaya suna hannun wane, ya yarda zai karɓi motar da ke zuwa Talata. Wayata a buɗe take. Alhamis da safe ina bakin aiki."

Ka ga gaisuwa layi ɗaya ce, sauran duk aiki ne. Doguwar gaisuwa irin ta darakta a nan takan sa shef ya ɗauka akwai wata a ƙasa tsakaninku. Kalmar "izini" kuwa ba a barin ta, komai sabonku. Kada kuma ka rubuta sunan abokin aikin da ba ka riga ka tambaya ba, nan ne rigima ke tashi ranar Talata in mota ta iso babu mai makulli.

Dalili a taƙaice ya ishe su duka biyun, "rasuwa" kawai, ba sai ka zayyana jinya da dangantaka ba. In kuma wurin aikinku akwai ofishin ma'aikata, ka tambayi shef ko sai an cika takardar neman izini, saboda amincewarsa ta baki ba koyaushe take hana a yanke maka kuɗin kwanakin a ƙarshen wata ba.