Imel ɗin godiya bayan zama da makaranta

"Maigida, ka ce in tura wa makarantar nan imel na godiya kan zaman da muka yi yau game da teburan ɗalibai da za mu ƙera musu. Ni dai na ga mun riga mun yi musu godiya baki da baki. Me kuma zan rubuta?"

Yarona, godiyar layi biyu ce kawai a cikin wasiƙar. Abin da nake so ka kama shi ne maganar da aka yi a ofishin nan, tun ba ta huce ba. Mu biyar muka zauna, kuma wallahi in ka bi mu ɗaya bayan ɗaya jibi, kowa da abin da zai ce an tsayar. Shi ya sa yau za ka tura, kafin magariba. In ta kwana uku, ta zama musu.

Ka tuna yadda aka tashi? Shugaban makaranta ya ce za a aiko mana da adadin teburan kowane aji, ma'aji ya ce za a duba maganar kuɗi, kowa ya ce to. Aikin da ba a ɗora wa mutum ɗaya ba, babu mai yin sa, domin kowa yana zaton na kusa da shi ne zai yi. Don haka kowane aiki ka ba shi mai shi da ranarsa. Mutum ɗaya, da sunansa, kada ka ce "makaranta" ko "ofis". Buɗe wayar. A gurbin Subject ka sa: Tebura 120 na firamare, abin da aka tsayar ranar Litinin 10 ga wata. Sai ka rubuta:

"Assalamu alaikum. Mun gode da karɓar da kuka yi mana yau, da lokacin da kuka ba mu muka zaga azuzuwan. Ga abin da muka fahimta an tsayar.

Tebura 120 masu haɗe da benci, kowanne na yara biyu, ƙafar ƙarfe, saman katako.

Mu za mu turo takardar farashi ranar Laraba 12 ga wata.

Shugaban makaranta zai turo mana adadin teburan kowane aji, daga aji ɗaya zuwa shida, ranar Alhamis 13.

Mu za mu kawo samfuri guda ɗaya ranar Asabar 15, Hajiya mai makaranta ta duba.

Ma'aji zai biya kashi 60 cikin ɗari na kuɗin aikin a matsayin kafin alƙalami ranar Litinin 17, idan Hajiya ta amince da samfurin.

Za mu kammala cikin mako huɗu daga ranar da kuɗin ya shigo.

Ba a tsayar da wanda zai biya kuɗin motar dako ba. Shugaban makaranta ya ce zai tuntuɓi Hajiya ya sanar da mu ranar Alhamis.

Idan akwai inda muka yi kuskure, don Allah a gyara mana. Idan haka ne, a amsa mana da 'haka ne'."

Inda na ce shugaba ko ma'aji, ka ƙara sunan kowa yadda yake a katin da suka ba mu.

Dubi layin mako huɗun nan da kyau, shi ne ya fi kare mu. Ban ce za mu gama ranar kaza ba, na ɗaure shi da shigowar kuɗi. In ma'aji ya yi jinkirin kwana goma, ranar kammalawa ita ma ta matsa da kwana goma, kuma babu mai ce mana mun saɓa alkawari ana gobe komawa makaranta. Haka adadin kowane aji: teburin ɗan aji ɗaya ba tsayinsa ɗaya da na ɗan aji shida ba, in ba mu samu lissafin ba ba za mu yanka ƙarfe ko ɗaya ba.

Maganar dako kuwa, kada ka kuskura ka rubuta cewa su za su biya don kawai haka muke so. Ba a ce ba. Ranar da mutum ya ga ka cusa abin da bai faɗa ba, ya daina yarda da sauran layukan, har da na gaskiya. Abin da ya rage a buɗe, ka ce a buɗe yake, ka faɗi wanda zai rufe shi.

Ka tura wa shugaban makaranta, ka sa ma'aji da ni a Cc, don duk wanda aka ɗora wa aiki ya gani da idonsa. Hajiya ba ta cika duba imel ba, saboda haka ka ɗauki hoton wasiƙar ka tura mata ta WhatsApp tare da gaisuwa. In zuwa gobe da la'asar ba su amsa ba, ka kira shugaban a waya cikin ladabi ka ce muna jiran tabbacinsa kafin mu fitar da farashi. Shiru ba amincewa ba ne, kuma ba zan sayi katako a kansa ba.

Rubuta ka kawo min in karanta kafin ka danna Send.